Rubuta manazarta da hannu ko komawa Zotero

"Ina da maƙalu kusan ɗari shida a kwamfuta, kuma da hannu nake rubuta manazarta a Word. In ci gaba da haka ne, ko in koma Zotero alhali na riga na rubuta babi biyu na kundina?"

Malama, shawarata ita ce ki koma Zotero, wato manhajar adanawa da tsara manazarta, kuma dalilina shi ne inda kuskure yake zama a kowace hanya. A aikin hannu, bayanin maƙala ɗaya yana warwatse ne a duk inda kika ambace ta, saboda haka idan shekarar bugu ta zo ba daidai ba, sai kin bi babi-babi kina farautarta. A Zotero kuwa, kowace maƙala tana da rajista guda mai ɗauke da marubuci, shekara, take da mujalla, kuma daga nan ake ɗebo kowane ambato. Idan kika gyara rajistar kika danna Refresh a cikin Word, gyaran zai shiga ko'ina a lokaci ɗaya.

Bambancin ya fi fitowa idan salo ya canza. A bugu na shida na salon ambato na APA, maƙalar da mutum huɗu suka rubuta ana jera sunayensu duka a ambato na farko, amma a bugu na bakwai sunan na farko kawai ake sakawa tare da et al. tun daga farko. Mai aikin hannu sai ya sake duba kowane ambato ɗaya bayan ɗaya, yayin da mai Zotero zai shiga Document Preferences ya zaɓi sabon salon kawai.

Sai dai akwai wurin da aikin hannu ya fi, kuma bai kamata a ɓoye shi ba: mai rubutu da hannu yana ganin kowane harafi, Zotero kuwa abin da aka zuba masa shi yake fitarwa, ko da gurɓatacce ne. Ga misalin da ya fi damun mutane. A ce marubuci guda yana da maƙalu biyu a wurinki, ɗaya ta shigo da cikakken sunansa, ɗayar kuma da harafin farko kaɗai. Manhajar za ta ɗauka mutum biyu ne masu sunan dangi ɗaya, sai ta fara ƙara haruffan sunayensu a cikin ambato domin ta bambanta su. Da zarar kin ga harafi ya bayyana gaban suna a inda ba ki sa shi ba, to kada ki goge shi a Word, domin zai iya dawowa. Ki koma rajistocin biyu ki daidaita sunan harafi da harafi.

Haka nan maimaici yake. Idan maƙala ɗaya ta shigo sau biyu kika ambaci kowace a babi daban, za ta fito sau biyu a manazarta, a salon APA har da 2019a da 2019b, kamar ayyuka biyu ne. Maganin yana cikin Duplicate Items, inda za ki haɗe su wuri guda. Haɗewa ta fi gogewa nesa ba kusa ba, domin tana riƙe alaƙar ambaton da ke cikin kundin, gogewa kuwa tana yanke ta.

Ta fuskar tsari, fayil a kwamfuta jaka ɗaya yake zama sai an kwafe shi, amma a Zotero rajista guda tana iya zama a jakar babi na biyu da ta babi na huɗu ba tare da ta zama biyu ba.

Game da ɗari shidan nan, kada ki ce sai kin gyara su duka kafin ki ci gaba da rubutu. Ki jawo fayilolin PDF cikin manhajar, za ta nemo bayanan da yawa daga cikinsu da kanta, amma waɗanda hoton shafi ne kawai za su tsaya babu rajista. Mai lambar DOI ko ISBN ki shigar da shi ta lambar, domin bayanin ya fi zuwa da tsabta, sauran kuma ki cike da hannu. Ki fara da waɗanda kika ambata a babi biyun, ki duba suna, shekara, take da shafuka, sannan ki maye gurbin tsoffin ambaton ta Add/Edit Citation, domin wanda aka rubuta da hannu ba zai shiga jerin manazarta ba.

Ki kuma sani cewa wurin ajiyar fayiloli na kyauta da Zotero ke bayarwa a intanet 300 MB ne, wanda da wuya ya ɗauki maƙalu ɗari shida, ko da yake rajistocin kansu ba su da iyaka wajen daidaitawa tsakanin na'urori. Ranar miƙa kundi, idan an buƙaci ki danna Unlink Citations, wanda ke yanke alaƙar kundin da Zotero, ki yi hakan a kan kwafi, ki adana na asali, domin gyaran da masu jarrabawa za su nema a kansa za ki yi.