Lamba shida ko haruffa goma a katin waifai?

"'Yan'uwa, ina sayar da katin waifai, nakan buga 5,000 a lokaci guda. Lamba shida ta wadatar, ko sai na gauraya da haruffa? Ina gudun yaran unguwa su riƙa canka."

Malam, lamba shida daɗin bugawa kawai gare ta. Daga 000000 zuwa 999999 miliyan ɗaya ce cif. Idan katunanka 5,000 suna aiki, duk wanda ya zauna yana gwadawa zai dace kusan sau ɗaya a gwaji 200. Yaro mai waya da haƙuri zai gama wannan kafin la'asar.

Abin da ya fi damuna ma shi ne karo. Mutane suna ɗauka sai an kusa cinye miliyan ɗin kafin lamba ta maimaitu, alhali kowane sabon kati yana iya cin karo da duk waɗanda suka riga shi. Tun wajen kati na 1,200 yiwuwar a samu biyu iri ɗaya ta kai rabi. A 5,000 kuwa, ka sa ran wajen tagwaye goma sha biyu. Alamarsa ita ce mutum ya biya kuɗinsa, ya shigar da lamba, a ce masa an riga an yi amfani da ita.

Yanzu dubi ɗaya ɓangaren. Ka ɗauki lambobi 2 zuwa 9 da manyan haruffa, ka cire I da O don kada a rikita su da 1 da 0 a ƙaramar takarda. Saura 32. Guda goma daga ciki suna ba da haɗi sama da tiriliyan dubu. Mai canka zai dace sau ɗaya a gwaji wajen biliyan 225, kuma sai ka buga kusan kati miliyan 40 kafin yiwuwar karo ta kai rabi. Wannan nake ba ka shawara.

Sai dai tsawo ba ya amfani idan ana iya gano tsarin da ke fitar da lambobin. `random` na Python da `Math.random()` ba don sirri aka yi su ba. Yi amfani da `secrets`:

```python
import secrets
H = "23456789ABCDEFGHJKLMNPQRSTUVWXYZ"
kati = "".join(secrets.choice(H) for _ in range(10))
```

Wani zai ce maka `uuid4`. Yana da ƙarfi, amma wa zai tsaya bakin shago yana buga haruffa 36?

Ko da gomar, ka sa `UNIQUE` a kan layin lambar a rumbun bayananka. In ya ƙi karɓa, a fitar da wata. Ka kuma tsayar da duk wayar da ta yi kuskure sau biyar a jere na 'yan mintuna. Wajen bugawa ka raba lambar biyar-biyar, kamar `K7MQ2-XR9TD`, ido ya fi saurin ɗauka.