Sharhi: Na gwada saita saƙon tes don tunatar da iyaye taro

A Islamiyyar unguwarmu ni ke aika wa iyaye sanarwa, kuma taronmu na ƙarshen zango kullum Asabar ne da ƙarfe goma na safe. Da a guruf na WhatsApp kawai nake sakawa, amma gaisuwa da barka da Juma'a kan binne sanarwar kafin la'asar, ga kuma iyayen da ƙaramar waya ce a hannunsu. Shi ya sa na yi rajista da wani kamfanin tura saƙon tes ga mutane da yawa lokaci guda.

Abin da ya fi burge ni shi ne maɓallin Schedule: ka rubuta saƙo, ka zaɓi rana da sa'a, ka tafi harkarka. Uku na saita. Na farko saura mako guda, don masu kasuwa da masu tafiya su shirya. Na biyu jajibirin taro, na uku kuma safiyar ranar da ƙarfe takwas.

Na jajibirin ne ke kawo mutane, kuma a nan matsalar ta fito. Na sa shi ƙarfe tara na daren Juma'a, bayan Isha'i, lokacin da magidanci ya zauna ya ci tuwo yana duba waya. Saƙon bai shiga wayoyi ba sai da safe, ya haɗu da na ukun, mutane suka ga biyu a jere. Da na tuntuɓi kamfanin, sai suka ce layin da ake tura saƙonnin talla a kansa ba ya aiki daga takwas na dare zuwa takwas na safe, amma shafin nasu ya karɓi lokacin ba tare da ya gargaɗe ni ba. Yanzu ƙarfe biyar na yamma nake sawa, tsakanin La'asar da Magariba. Haka kuma wanda ya kunna DND, wato tsarin hana saƙonnin talla shiga waya, ta lambar 2442 ba lallai ya samu ba, don haka a duba rahoton isar saƙo, a kira waɗanda bai kai musu ba.

Wajen kuɗi akwai tarko. Saƙo ɗaya harafi 160 ne, amma da zarar ƙ, ɗ ko ɓ ya shiga, sai ya koma 70, a caje ka shafi biyu ko uku. Dole na riƙa rubuta "karfe" ba lanƙwasa, abin da ba na so.

Na safiyar taron layi ɗaya ya isa: wuri da lokaci. Shi kam a guruf ma ya wadatar, tunda wanda zai zo ya riga ya yanke shawara tun jiya. Kuɗin tes ɗin gara a kashe shi kan na jajibiri.