Tsohon Saye Ko Matsakaicin Farashi: Ina Ribar Take?

A ce ɗan kasuwa a Sakkwato ya sayi buhun gero 10 kan ₦40,000 kowane, farashi ya tashi, ya ƙaro 10 kan ₦50,000. Ya sayar da 10 kan ₦55,000.

Idan FIFO yake bi, wato kayan da suka fara shigowa su ke fara fita a lissafi, ribarsa ₦150,000 ce, ragowar kaya ₦500,000. Idan matsakaicin farashi yake bi, wanda ake sake lissafawa duk sabon saye, buhu ₦45,000 ne: riba ₦100,000, ragowa ₦450,000.

Kuɗin aljihunsa ɗaya ne fa. Ni dai ribar FIFO nake tsoro lokacin tsada, don in ya kashe ta, cike rumbu zai gagare shi.