Abokai biyu, jari ɗaya: sunan kasuwanci za ku yi wa rajista ko kamfani?

Idan kai da abokinka kun yanke shawarar haɗa jari ku shiga saye da sayarwa, ko shanshera ce daga Argungu, ko albasa daga Aliero, ko kayan masarufi a kasuwar Jega, tambayar da za ku ci karo da ita a shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ita ce irin rajistar da kuke so. Yawancin mutane suna zaɓen wadda ta fi araha su wuce. Ni kuwa ina ganin akwai tambayar da ta riga ta farashi: ranar da abokinka ya karɓi kaya bashi da sunan harkar nan ba ka wurin, kuma harkar ta gaza biya, aljihun wa za a taɓa? Amsar wannan ce ta raba zaɓuɓɓukan.

Dokar kamfanoni ta 2020, wadda ake kira CAMA, ta ba ku hanyoyi uku da suka dace da mutum biyu. Ta farko rajistar sunan kasuwanci, wadda takardarta ke ɗauke da lamba mai farawa da BN. Ta biyu kamfani mai hannun jari, mai lambar RC, wanda sunansa ke ƙarewa da Limited ko Ltd. Ta uku haɗin gwiwa mai iyakantaccen alhaki, wato LLP, wanda wannan dokar ce ta shigo da shi ƙasa baki ɗaya.

Mu fara da sunan kasuwanci, tunda shi ya fi yawa a kasuwanninmu. Rajistarsa tana da sauƙi da arha, kuma da takardarsa za ku iya buɗe asusun banki da sunan harkar. Amma suna kawai aka yi wa rajista. A idon doka harkar ba ta da rai nata na daban. Ku biyun ne harkar. Kowannenku wakilin ɗan'uwansa ne a duk cinikin da ya shafi sana'ar, kuma bashin da ɗaya ya ci a kanku yake ku duka, ba tare da iyaka ba.

Ga misali. A ce abokai biyu ne, ɗaya mutumin Jega ɗaya mutumin Argungu, na Jega ya zuba naira miliyan 6, na Argungu ya zuba miliyan 4, kuma na Argungu ne ke yawon ƙauyuka yana sayen shanshera. Da kaka ya karɓi kaya na miliyan 8 bashi a hannun wani dillali, da niyyar biya idan injin casa ya biya su. Kafin a kai kayan farashi ya faɗi, wani ɓangare kuma ruwa ya taɓa shi a sito, ga asarar da aka tafka a lodin baya. Da aka tattara duk abin da harkar ta mallaka, miliyan 3 aka samu. Saura miliyan 5. Idan sunan kasuwanci gare su, dillalin yana da ikon kai su kotu su biyun, kuma idan na Argungu ba shi da komai, gonar na Jega da motarsa suna cikin abin da hukunci zai iya hawa kai. Cewa bai san da cinikin ba ba za ta fid da shi ba, muddin ciniki ne irin wanda harkar ta saba yi. Ko da sun rubuta a tsakaninsu cewa kada kowa ya ci bashin da ya wuce miliyan 2 ba da sanin ɗaya ba, wannan sharaɗi bai ɗaure dillalin da bai san da shi ba. Abin da zai ba na Jega shi ne damar bin abokinsa daga baya, alhali abokin hannunsa wayam.

Da a ce kamfani ne mai Ltd, da labarin ya sauya. Kamfani mutum ne a wurin doka: shi ke da kuɗinsa, shi ke cin bashi, shi ake kai ƙara. Dillalin zai tsaya a kan miliyan 3 ɗin kamfani. Abin da masu hannun jari za su rasa shi ne jarin da suka zuba, da duk wani kuɗin hannun jarin da suka ɗauka ba su gama biya ba. Mafi ƙarancin jarin da doka ta yarda a rubuta wa kamfani mai zaman kansa naira 100,000 ne, kuma ƙaramin kamfani ba dole ba ne ya naɗa sakatare ko mai binciken asusu na waje, don haka nauyin bai kai yadda ake tsoro ba.

Sai dai wannan kariyar tana da ƙofofin da take zubewa, kuma a nan nake so ku tsaya ku duba da kyau. Banki ba ya cika ba sabon kamfani rance sai daraktoci sun sa hannu sun tsaya masa da kansu. Da zarar ka sa hannu a wannan takarda, bashin ya dawo kanka. Ta biyu ta fi kusa da mu. A kasuwa ana ba mutum kaya ne don fuskarsa da sunan gidansu. Idan na Argungu ya karɓi kaya da baki, ba rasit mai sunan kamfani, dillali zai ce shi Alhaji ya ba, kuma zai yi wuya a ƙaryata shi. Saboda haka kowane ciniki ya fita da sunan kamfani, kuɗi su shiga asusun kamfani, kada cefanen gida ya fito daga can. Yaudara kuwa ba abin da ke kare mai yin ta. Daraktan da ya yi amfani da kamfani don cutar masu bin bashi kotu na iya ɗora masa bashin. Kuma kariyar doka ba ta sauke hakkin mutane a tsakanin mutum da Ubangijinsa; amfaninta shi ne kada kuskuren aboki ya cinye gidan da iyalinka ke ciki.

LLP kuwa yana ba da kariya irin ta kamfani tare da sassaucin haɗin gwiwa, kuma yana bukatar aƙalla mutum biyu da za su ɗauki nauyin cika ƙa'idojinsa. Ya fi karɓar lauyoyi da akantoci da masu sana'ar ƙwarewa. Ga 'yan kasuwar hatsi, Ltd ne manyan masu saye da ma'aikatan banki suka fi sabawa da shi, don haka ba zan daɗe a kansa ba.

Yanzu haraji, inda lissafin ke iya juyawa. Masu sunan kasuwanci ba sa biyan harajin kamfani. Ana raba riba, kowa ya biya harajin kuɗin shiga na kansa ga hukumar tattara haraji ta jihar da yake zaune, wato ta Kebbi a misalinmu, kuma ya miƙa bayanin shekara kafin ƙarshen Maris. Kamfani kuwa na hukumar tarayya ne, wadda aka sani da FIRS, da ta koma NRS a ƙarƙashin dokokin harajin da aka sa wa hannu a Yunin 2025 suka fara aiki a Janairun 2026. Kamfani yana miƙa bayaninsa cikin wata shida bayan rufe shekarar asusunsa, ko ya ci riba ko bai ci ba. Ko wanne kuka zaɓa, ku tanadi NIN ɗinku tun kafin rajista, ku kuma tabbatar lambar haraji, TIN, tana aiki, domin banki da manyan masu saye za su tambaye ta.

Za ku ji ana cewa ƙaramin kamfani ba ya biyan harajin riba. Gaskiya ne, amma ƙanƙantar ana auna ta ne da jimillar cinikin shekara, ba da riba ba. Dokar kuɗi ta 2019 ta sa iyakar a naira miliyan 25, sabuwar doka ta ɗaga ta sama sosai, ta kuma ƙara sharaɗin kada kadarorin dindindin su wuce miliyan 250. Mai hatsi yana juya kuɗi da yawa ya ci riba kaɗan. Abokan nan da jarinsu na miliyan 10, idan suna juya shi sau ɗaya a wata, cinikinsu na shekara miliyan 120 ne, ya riga ya haye iyakar, alhali ribar ba ta wuce miliyan 6 ba.

Mu auna wannan miliyan 6 ta hanyoyin biyu. A sunan kasuwanci, na Jega ya ɗauki miliyan 3.6, na Argungu miliyan 2.4. Naira 800,000 na farko ba haraji, miliyan 2.2 da ke bi kashi 15 cikin ɗari, abin da ya ɗora daga nan har zuwa miliyan 12 kashi 18. Na Jega zai biya 438,000, na Argungu 240,000, jimilla 678,000, idan ba su da wata hanyar samu kuma ba a cire musu wani rangwame ba. A kamfanin da ya haye iyaka kuwa, kashi 30 na riba miliyan 1.8 ne, ga harajin raya ƙasa na kashi 4, wato 240,000. Idan suka raba ragowar a matsayin ribar hannun jari, za a sake cire kashi 10. An haura miliyan 2.4 ke nan. Ana rage wannan ta hanyar yanka wa daraktoci albashi na gaskiya daidai da aikinsu, domin albashi kuɗin gudanarwa ne da ake cirewa kafin a lissafa riba, sai dai shi ma za a cire masa harajin albashi a kai wa jiha kowane wata. Wannan aikin akanta ne, kuma kuɗinsa yana cikin farashin zama kamfani.

To wanne? Idan kuɗi hannu kuke saye ku sayar kuɗi hannu, kuna zaune a shago ɗaya kuna ganin juna, sunan kasuwanci ya ishe ku, kuma za ku iya buɗe kamfani daga baya. Idan kuwa ɗayanku zai riƙa ɗaukar kaya bashi a inda ɗayan ba ya gani, ko za ku ɗora lodi a tirela zuwa Legas ko Kano, ko ɗaya yana da dukiyar da ta ninka ta ɗayan, ku yi Ltd ko da harajin ya fi nauyi. A misalinmu bambancin harajin bai kai miliyan 2 ba, bashin da zai iya faɗowa kan mutum ɗaya kuwa miliyan 5 ne a lodi guda.

Abu ɗaya ya rage wanda rajista ba ta yi muku, wato yarjejeniya a rubuce, da shaidu. Ku rubuta abin da kowa ya zuba, yadda za a raba riba, da ladan mai yawon saye daban da rabonsa. Idan ɗaya ne da kuɗi ɗaya da aiki, wannan ƙiradi ne a fiƙihu, kuma malami zai faɗa muku cewa asarar da ba ta sakaci ba a kan jari take. Gara a san haka tun farko. Idan kun raba hannun jari rabi da rabi, ku ambaci wanda zai raba gardama, domin ba mai rinjaye a tsakaninku. Ku rubuta batun mutuwa ma, ko da baki yana nauyin faɗa. Haɗin gwiwa na sunan kasuwanci yana warwarewa da rasuwar ɗaya sai in an yi sharaɗin akasin haka. Kamfani yana ci gaba, amma hannun jarin mamaci ya zama gado, kuma mai rai na iya wayar gari yana tarayya da magada goma. Ku sa sharaɗin cewa wanda ya rage shi ke da damar farko ta sayen rabon, ku kuma faɗi yadda za a ƙiyasta farashinsa da wa'adin biyan magada.