Matirik ko jerin maƙwabta: teburin da ya cinye min 3.2 GB

Haushina da matirik na giraf, wato teburin da ke nuna wane ɗigo ke haɗe da wane, shi ne bai taɓa nuna aibinsa a ƙaramin gwaji ba. Ka ba shi ɗigo shida da layi takwas irin misalin da ake zanawa a allo, komai zai tafi sumul: tebur ne mai layi n da ginshiƙi n, idan akwai hanya tsakanin u da v ka sa 1 a `adj_matrix[u][v]`, shi ke nan. Sai ranar da aka kawo fayil na gaske.

Jingar da na gwada shi da ita BFS ce a Python, wato binciken da ke bin maƙwabta mataki-mataki daga ɗigo ɗaya, a kan giraf marar alkibla mai ɗigo 20,000 da layi 50,000. Teburin na buƙatar gida 20,000 sau 20,000, wato gida miliyan 400. A Python mai 64-bit kowane gurbi a `list` yana cin bayit 8, jimla 3.2 GB tun kafin a karanta layi ko ɗaya. Laftof mai RAM 4 GB sai ta daskare, ko ta jefo `MemoryError`. Abin takaicin ma, gidajen da za su ɗauki 1 guda 100,000 ne kacal, tunda kowane layi ana rubuta shi sau biyu. Gida ɗaya cikin 4,000 ke nan, sauran duk sifili ne ake yi wa dako.

Wani zai ce a koma NumPy da `uint8`, wato bayit ɗaya kowane gida, girman ya sauko 400 MB. Haka ne, ya sauko, amma ciwon yana nan. Duk ɗigon da BFS ya ziyarta, dole ya bi layinsa na tebur daga farko har ƙarshe, gida 20,000, don ya tsinto maƙwabta biyar a matsakaici. Aikin ya zama O(V²), inda V ke nufin yawan ɗigo, dubawa miliyan 400.

Jerin maƙwabta kuwa kowane ɗigo yana riƙe da sunayen waɗanda yake haɗe da su ne kawai:

```python
adj_list = [[] for _ in range(n)]
for u, v in edges:
    adj_list[u].append(v)
    adj_list[v].append(u)
```

Shigarwa 100,000 ce a cikin jeri 20,000, duka bai kai 10 MB ba, BFS kuma O(V+E), inda E ke nufin yawan layi, taku wajen 120,000. Ya gama cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya. A kula da layin ƙarshe na lambar: idan aka manta shi giraf ɗin ya koma mai alkibla, alamarsa kuma ita ce BFS ya dawo da ɗigo kaɗan alhali ka san duk a haɗe suke.

Amma tsakani da Allah, ban isa in ce a jefar da matirik ba. Idan jinga ta ce Floyd-Warshall, dabarar nemo mafi gajeren nisa tsakanin kowane ɗigo biyu, ɗigo 400 misali, teburin gida 160,000 ne kawai, kuma dabarar kanta a kan `dist[i][j]` aka gina ta, wanda ya nace wa jeri a nan wahalar da kansa yake yi. Haka idan tambayar da ake yawan yi ita ce "akwai layi tsakanin u da v?": matirik na amsawa da taku ɗaya, jeri kuwa sai ya bi maƙwabtan u ɗaya bayan ɗaya, sai dai in an sa `set` a madadin `list`. Idan kuma giraf ɗin cunkushe yake, kusan kowa haɗe da kowa, jerin ba shi da wani rangwamen wuri da zai ba ka. Abin da nake yi yanzu shi ne in duba iyakar n a takardar tambaya in ninka ta da kanta. Ɗigo 1,000 gida miliyan ɗaya ne, babu damuwa. Ɗigo 100,000 gida biliyan 10 ne, ko da bayit ɗaya-ɗaya 10 GB, maganar ta ƙare.

Sai dai ko a inda ya dace ɗin, matirik bai bar halinsa na yin kuskure a ɓoye ba. Wanda ya rubuta `[[0]*n]*n` layi ɗaya ne ya maimaita sau n, don haka in ya sa 1 a `adj_matrix[0][3]` zai ga 1 ya fito a ginshiƙi na 3 na kowane layi, Python kuma ba zai ce uffan ba. Daidai shi ne `[[0]*n for _ in range(n)]`. A giraf mai nauyi kuma sifili ba zai tsaya a matsayin "babu hanya" ba, domin Floyd-Warshall zai ɗauke shi hanya ce kyauta, nisan duk ɗigo biyun da babu layi tsakaninsu ya fito 0. A cika teburin da `float('inf')`, a bar 0 a `dist[i][i]` kaɗai. In fayil ɗin ya kawo layi biyu tsakanin u da v, ɗaya nauyi 4 ɗaya 9, na biyun zai danne na farko, amsar ta fito 9, sai in da `min` aka yi shigarwar.