Na biya an rubuta min bayanin da zan ɗora kan silaid guda 14: ga yadda ta kaya

Aikina wayar da kan manoma ne, kuma ina da silaid 14 a PowerPoint kan adana wake a buhun PICS, wanda ake sa leda biyu a ciki, buhu ɗaya a waje. A gaban jama'a ba na buƙatar takarda, baki ya saba. Da aka ce in mayar da shi bidiyo don a riƙa turawa a WhatsApp, sai na gane magana da kwamfuta daban take. Sau uku ina ɗauka, "to" da "wato" sun fi bayanin yawa. Daga nan na nemi wani matashi mai sana'ar rubuta bayanin da ake karantawa a bidiyo, na tura masa silaid ɗin, na ce ina son minti takwas.

Kwana biyu ya kawo aikin. Tsarin ya burge ni: kowane silaid da lambarsa, da abin da zan faɗa, da alamar inda zan danna. Ya kuma zuba kowane sashe a Notes na silaid ɗinsa, don haka da na shiga Record, wurin ɗaukar murya, sai rubutun ya fito a saman allo, ina karantawa ido na kusa da kyamara. Bai maimaita abin da ke rubuce a silaid ba. Inda aka rubuta "A busar da wake sosai", shi cewa ya yi a ciji ƙwaya ɗaya, in ta fashe ƙaras ta bushe. Wannan kaɗai ya cancanci kuɗinsa.

Matsalar tana wurin alamomin, kuma don su na biya. A silaid na 5 ya rubuta haka:

```
Idan aka cika ledar farko, sai a matse iska [DANNA: silaid 6] a murɗe bakin a ɗaure.
```

A takarda ya yi kyau, magana na gudana ba yankewa. Amma PowerPoint yana ajiye murya ne silaid-silaid, kuma ba ya ɗaukar sauti a daidai lokacin da ake sauyawa daga wannan zuwa wancan. Da na saurara, sai na ji "a matse iska", shiru, sannan "kin a ɗaure". Kalmar murɗewa ta salwanta, alhali nan ne manomi ke yin kuskure, domin in iska na shiga, ƙwari ba za su mutu ba. Wuri huɗu ya yi min haka. Wanda ya taɓa zama ya ɗauki murya da kansa ba zai sa alama a tsakiyar jimla ba, shi ya sa nake zargin rubutu kawai ya iya.

Na mayar masa, muka gyara tare. Kowace alama ta koma bayan aya, aka ƙara umarnin yin shiru:

```
...sai a matse iska ta fita gaba ɗaya.
[SHIRU: ƙirga biyu] [DANNA: silaid 6] [SHIRU: ƙirga biyu]
Yanzu a murɗe bakin ledar, a naɗe shi, a ɗaure.
```

Na kuma sa ya bambanta danna iri biyu. A silaid na 9 hotuna uku ne ke fitowa ɗaya bayan ɗaya, shi kuma "DANNA" ya rubuta ga duka, har na rasa ko hoto ne zai fito ko silaid zai wuce. Yanzu na hoto "FITO" ne, kuma a nan ba sai an yi shiru ba, tunda ana cikin silaid ɗaya.

Sai tsawo. Kalma 1,300 ya kawo. Ni da na auna kaina da agogon waya, kimanin kalma 120 nake karantawa a minti idan ina son dattijo ya fahimta, ka ga kusan minti goma sha ɗaya ke nan, ban da shirun. Muka rage zuwa wajen 900. Da tun farko ya ce in karanta masa sakin layi ɗaya ya auna, da ba mu ɓata kwana guda ba.

Abin da ya sauƙaƙa gyaran shi ne ba sai an sake ɗaukar komai ba: silaid ɗin da ya lalace kawai na goge muryarsa na sake. Daga nan File, Export, Create a Video, na zaɓi Use Recorded Timings and Narrations, na sauke a 720p don kada ya cinye wa mutane data.

Zan sake ba shi aiki, Hausarsa mai daɗin faɗa ce kuma bai ƙi gyara ba. Sai dai nan gaba zan ce ya fara kawo silaid uku kawai, in ɗauka in saurari mahaɗarsu, kafin ya taɓa sauran.