Wata biyu ina ɗaukar hoton rasit, manhaja tana haɗa mini lissafi

Na sauke manhajar ne saboda na gaji da zama da kalkuleta duk lokacin da na dawo daga kasuwa. Aikinta ba shi da yawa: ka ɗauki hoton rasit, ta karanto layukan kaya ɗaya bayan ɗaya, ta haɗa su, sannan ta gwada abin da ta samu da jimillar da aka buga a ƙasa. In sun dace ta nuna kore, in sun saɓa ta nuna ja. Wata biyu ke nan ina amfani da ita, kuma zan ci gaba, sai dai yanzu na san iya inda zan yarda da ita.

Wajen sauri ba ni da ƙorafi. Rasit sabo, a shimfiɗe kan tebur, da haske mai kyau, kafin ka ajiye jaka ta gama. Matsalar tana farawa ne da takardar kanta. Yawancin injinan buga rasit ba sa amfani da tawada, zafi ne ke baƙanta fuskar takardar har rubutu ya fito. Shi ya sa in rasit ya sha rana, ko ya kwana biyu a aljihu, sai rubutun ya fara koɗewa. Idon mutum zai iya cike gurbin abin da ya goge, amma manhaja abin da ta gani shi take ɗauka. In gefen hagu na 8 ya koɗe, sai ta karanta 3. Haka take rikita 1 da 7, da 5 da 6.

Rasit ɗaya ne ya koya mini yawancin abin da na sani, don haka bari in baje shi. Sabulu guda 3 a kan 450, an buga 1,350. Batir guda 2 a kan 620, an buga 1,240. Ƙwan fitila 1,870. Littafin rubutu guda 4 a kan 280, an buga 1,120. Man goge baki 960, a ƙasansa kuma wani man goge baki 960. Sai rangwamen 300 da alamar ragi a gabansa. Jimillar da inji ya buga 7,200. Manhaja ta ce 7,300, ta nuna ja.

Bambancin 100 ya ɗaure mini kai, domin babu wani abu na 100 a cikin kayan. Har na fara zargin injin shagon. Da na buɗe jerin da manhajar ta karanto na aza shi kusa da takardar, sai na ga rangwamen ya koma cikin kaya. Alamar ragin ɗan siririn layi ce, kuma daidai wurin takardar ta ninku, sai ta ɓace a hoto. Maimakon ta cire 300, sai ta ƙara 300. Irin wannan kuskure ninki biyu yake yi, wato 600, domin an fasa cirewa sannan an ƙara. Na gyara, lissafi ya sauko 6,700. Yanzu kuma ya gaza jimilla da 500.

A nan ne na gane cewa kurakurai biyu ne suka rufa wa juna asiri: ɗaya ya ƙara 600, ɗaya ya rage 500, abin da ya fito fili 100 kacal. Giɓin 500 cif yana nuna cewa wata lamba ce a gidan ɗaruruwa aka karanta ba daidai ba, kuma tsakanin 3 da 8 biyar ne. Na bi layukan ina neman 3 a wannan gida. Na sabulu daidai yake, tunda 450 sau 3 ya ba da 1,350. Na ƙwan fitila ne manhajar ta rubuta 1,370, alhali a takarda 1,870 ne. Ina gyarawa lissafi ya tsaya a 7,200, alama ta koma kore.

To amma fa an caje ni fiye da abin da na saya. Man goge baki guda ɗaya na ɗauka, yana nan cikin jaka, sai dai ya shiga rasit sau biyu, wataƙila na'urar ta karanta lambar jikinsa sau biyu a hannun mai karɓar kuɗi. Abin da ya kamata in biya 6,240 ne. Manhajar ba ta ce uffan a kan wannan ba, kuma wannan ne babban abin da nake riƙe da shi a kanta. Ita tambayar da take amsawa ɗaya ce, ko layukan sun haɗu sun ba da jimilla. Inji kuwa ba kasafai yake kuskuren tarawa ba, abin da aka shigar masa shi zai tara daidai. Kuɗin mutum ya fi salwanta a cikin layukan: abu ya shiga sau biyu, ko a buga guda 4 alhali 3 ka ɗauka, ko farashin da ke kan kanta ya bambanta da na inji. Da ma a ce tana haskaka layuka biyu masu suna ɗaya da kuɗi ɗaya a jere, ko da za ta bar mini hukunci. Ba abu ne mai wuya ba, kuma rashinsa ya sa koren nan yana kwantar wa mutum da hankali a inda bai kamata ba. Na koma da rasit da jakar a ranar, aka duba, aka mayar mini da 960 ba gardama.

Akwai wasu ƙananan halayenta da na saba da su. Wani lokaci takan ɗauki layin kuɗin da na miƙa, ko na canji, ta sa shi cikin kaya, sai jimilla ta yi tsalle. Wannan da ka duba za ka gane. Layin haraji ya fi wuyar sha'ani, domin a wasu rasitai harajin yana cikin farashi tun farko, an nuna shi ne kawai don sanarwa, a wasu kuma ƙara shi ake yi a ƙarshe. In bambancin da ta nuna ya yi daidai da kuɗin harajin, to ta ƙirga shi sau biyu ne ko ta tsallake shi.

Rasit na hannu kuwa, a nan ne kuskuren tarawa na gaske yake faruwa, kuma a nan ne manhajar ta fi rauni. Sai dai in shigar da lambobin da kaina. Dabara ɗaya tana taimaka mini a nan: in bambancin ya rabu da 9 ba saura, ina fara neman lambobin da aka juya. Wanda ya rubuta 450 a maimakon 540 ya bar giɓin 90.

Yanzu ina ɗaukar hoton tun a ranar, kafin takarda ta shiga aljihu. Ina danne gefunanta biyu, in riƙe waya a saitinta sosai, rasit mai tsawo kuma in raba shi hoto biyu don lambobin su fito da girma. Ko ta nuna kore, sai na zazzage jaka a kan tebur na ƙirga kayan da yatsa, layi bayan layi.